Ranar da na kai taron gari bakin famfo

Ni ba mai ilimi ba ne. Lakwal ɗin da na yi, wato makarantar boko, ba ta wuce 'yan shekaru ba, babana ya cire ni ya kai ni gona, sauran rayuwa kuma na yi ta tsakanin noma da cin rani a Kano da Legas. Da gwiwa ta fara ciwo na daina tafiya, sai garinmu suka zaɓe ni rele, wato mai kai saƙon likita ga jama'a. Suka ce ai bakina ba ya jin nauyi. Ranar da suka zaɓe ni yabo ne. Daga baya ya zama zagi.

Garinmu ƙauye ne a ƙasar Matamaye. Duk shekara, in damina ta kama, takarda tana zuwa daga gwamnati kan maganin riga-kafin masassarar cizon sauro da ake ba yara ƙanana. Majo, shugaban likitarmu, sai ya tara mu releloli, ya karanta ta da Faransanci, ya juya mana da Hausa, ya sa kowa ya maimaita har ta zauna. Daga nan kowa ya koma garinsu ya gaya wa mai gari, mai gari ya sa a yi shela, maza su taru a ƙofar gidansa bayan la'asar, rele ya miƙe ya yi bayani. Haka na tarar, haka na yi ta yi.

Abin da ya sa na daina yin haka, jikata ce.

Ɗana na fari yana Legas yana turin baro. Ya bar matarsa a gidana da 'yarsu ta fari. Matata Allah ya yi mata rasuwa tun kafin a haifi yarinyar, sai yayata, wadda mijinta ya rasu, ta dawo gidan ita ce babba a cikin mata. Matar ɗana yarinya ce mai kunya irin ta da. In na shigo gida ta shige ɗaki. In muka yi kiciɓis ta durƙusa ta sunkuyar da kai har in wuce. Tunda aka kawo ta ban taɓa jin muryarta a kusa ba sai gaisuwa. Ga kuma kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunan yarinyar, ba ta ɗaukar ta a gabana, in yarinyar ta yi kuka ina nan sai ta yi kamar 'yar maƙwabta ce. Duk abin da zan gaya mata, sai ya bi ta bakin yayata.

Ita kuwa jikar tawa, matata nake ce mata, kamar yadda kowane kaka yake yi. Tana rarrafe ta fara cinye mini goro.

A daminar da ta gabaci taron bakin famfo, na yi bayani a ƙofar mai gari yadda aka saba. Masu rabon magani suka shiga gida gida. Ni an tura ni rugage da tungayen nesa, ina fita da asuba ina dawowa da magariba. A gidana yayata ce ta tarbi masu rabo, suka ba yarinyar ƙwayoyin ranar farko a gabansu, suka bar sauran biyu a hannun tsohuwa. Ina tambaya ana ce mini an ba ta. Gero na fidda kai yarinyar nan ta faɗi. Jiki kamar garwashi, ido ya juye, tana taune-taune. A kan moto, wato babur, na rungume ta har likita, majo ya duba tafin hannunta ya ga ya yi fari fat, ya ce mu wuce Matamaye. Sai da aka ƙara mata jini. Na zauna a bakin ɗakin nan ina kallon ledar jini tana ɗiga, ban san ko da yarinya zan koma gida ko da zane ba.

Allah ya tashe ta. Da muka dawo na ce wa yayata ta nuna mini inda maganin ya tafi. Ba ta ma ɓoye ba. Ta buɗe kwalla ta ɗauko ƙwayoyin nan rawaya, a ƙulle cikin tsumma, na zuwa biyu cif.

Ta ce, "Ga su nan, ajiye su na yi. Wa ya taɓa ɗura wa lafiyayye magani? Sai ranar da ciwo ya zo a rasa abin ba shi."

Na ce, "Yaya, da ciwon ya zo kin ba ta?"

Ta ce, "Ai ya zo da ƙarfi, ya fi ƙarfin ƙwaya."

Ba mugunta ba ce. Tsohuwar nan ta fi ni son yarinyar. Na bi gidaje ina tambaya, na tarar rabin kwallayen garin nan haka suke. Wata ta ajiye, wata ta raba wa yayyen yaron don kada a ce ta nuna bambanci. Na tambayi maza abin da suka gaya wa matansu bayan taro. Wani ya ce, "Na ce musu masu magani na zuwa." Shi ke nan. Bayanin da nake zubar da miyau a kai tun la'asar har rana ta yi ja, abin da yake isa cikin gida ke nan.

Da damina ta zagayo, takarda ta sake zuwa. Majo ya karanta mana, muka maimaita. Na gaya wa mai gari, na ce masa bana ina so a kira mata. Ya yi dariya ya ce in gaida gida.

Ranar taro na iske maza zaune a kan tabarmi ƙarƙashin bishiyar bedi, ƙafafu duk ƙasar gona, kowa yana so a gama ya tafi. Liman ya yi addu'a. Mai gari ya ce, "To Rele, bisimilla, gajarta mana."

Na miƙe na duba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ga waɗanda aka aiko ni wurinsu ba."

"Ga gari nan gabanka."

"Rabin gari ne. Cikinku wa ya taɓa riƙe hancin yaro ya ba shi magani? Ya ɗaga hannu in gani."

Ba wanda ya ɗaga. Wani Alhaji mai sayar da taki ya ce, "Kai dai faɗi abin da aka ba ka, kowa ya san hanyar gidansa."

Na ce, "Alhaji, bara na faɗa, ka san hanyar gidanka. Aika a buɗe kwallar Hajiya yanzu, in ba a tarar da ƙwaya rawaya ba ka tsinke ni da mari a gaban jama'a."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Mai gari ya gyara zama. Mutum ne da muka yi kiwon awaki tare muna yara, amma ranar nan da rawani ya yi mini magana. Ya ce, "Tun kakana mata ba su zauna a ƙofar nan ba. Ba a kaina za a fara ba. Yi bayani ko ka zauna."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙofarka ce, ba zan ja da kai a kanta ba. Amma maganar ba taka ba ce, ba kuma tawa ba. Tunda ba za su zo ba, ni zan je. Mai son ji ya same ni bakin famfo."

Na sa takalmina na tafi. Ina jin Alhajin nan yana cewa a bar shi, tun da matarsa ta rasu kansa ya taɓu. Ban waiwaya ba. Gwiwata tana ciwo, raina ya ɓaci, kuma gaskiya ban san abin da zan tarar ba.

Lokacin nan na yamma duk matan gari suna bakin famfo, jarkoki a jere, yara na wasa cikin taɓo. Suna ganina hira ta tsaya. Akwai wata taubashiyata, 'yar ƙanen uwata, mace mai baki kamar reza. Ita ta fara.

"Lale da bawana! Yau maza sun kore ka ne, ko ruwa ka zo ɗauka mini?"

Na ce, "Ke dai matsa da jarkarki, kin tsufa ba ki daina tare layi ba. Saƙon gwamnati na kawo muku."

"Mu? Gwamnati ta san da mu?"

"Yau ta sani."

Na hau kan dakalin siminti. Ina hawa na hango matar ɗana a can ƙarshen layi. Tana ganina ta ja mayafi ta koma bayan wata mata, ta fara lallaɓawa za ta gudu gida. In ta tafi, zuwana ya tashi a banza, don saboda ita na zo. Ba kuma zan iya kiran ta a gaban mutane ba, in na kira ta ma ƙafarta ce za ta ƙara sauri. Sai ga jikata ta taho a guje, duk jikinta taɓo, ta rungume ƙafata. Na ɗauke ta na zaunar a kan dakali, na juya wa layin baya, na fuskanci yarinyar. Na ɗaga murya yadda har masu daka a bayan gari za su ji.

Na ce, "Ke matata, da ke zan yi magana, tunda ke kaɗai ce ba ki guduna. Ki ji da kyau, in kin je gida ki gaya wa masu gidanku. Kuma kowa ya tsaya inda yake, ban sallami kowa ba."

Mata suka fashe da dariya. Taubashiyar nan ta gane abin da nake yi. Na ji ta ce, "Ke yarinya, ajiye tulun nan, ba da ke ake ba, da kishiyarmu ake." Na san ta riƙe matar ɗana.

Na ce, "Matata, takarda ta zo. Masu magani za su zo gidanku sau huɗu a daminar nan. Zuwan farko Alhamis ta makon ƙarshe na watan Yuli, wato Alhamis ta sama, ba wannan ta jibi ba. Za su yi ta yawo gida gida har Lahadi. Daga nan ki ƙirga Juma'a huɗu, za su dawo, cikin Agusta. Juma'a huɗu kuma, Satumba. Na ƙarshe Oktoba, ana ɗaurin dami. Kada a ce gero ya shiga rumbu an gama, sauro bai san an yi girbi ba. A kwanakin nan kada a tafi da ke gona tun asuba, a jira su, ko a bar sallahu inda za a same ki.

"Maganin na yara ne daga wata uku har zuwa wanda bai cika shekara biyar ba. Na jarirai daban, na irinku masu gudu daban, kada a musanya. Kowane yaro da katinsa na ƙwaya huɗu. Ranar farko mai rabo zai narka biyu a ɗan ruwa, fara ɗaya rawaya ɗaya, a ba ki a gabansa. Saura rawaya biyu. Washegari ɗaya. Jibi ɗaya. Ba a haɗa su rana guda, ba a ba yayanki, ba a sa su a kwalla."

Daga bayana na ji muryar yayata. Ashe ta zo da sandarta tana zaune a kan turmin wani. Ta ce, "Kai Auta, kunya dai ba ta ishe ka ba. To ni ina tambaya. Yaro lafiya lau, yana ci yana wasa, don me za a ɗura masa ɗaci?"

Ban juya ba. Na ce, "Matata, gaya wa kakarki, yaushe take yi wa ɗakinta yaɓe? Kafin ruwa ko bayan ya zubo mata a gado? Wannan magani yaɓe ne. Ba ya warkar da wanda ya riga ya faɗi. Shi ya sa ma in masu rabo suka tarar jikinki da zafi ba za su ba ki ba, likita za su tura ki, a tsaga yatsa a duba jini, a ba ki na warkarwa. Wanda aka ajiye a kwalla, ranar ciwo ba shi da amfani. Mun gwada a gidanmu, kowa ya san inda muka kwana."

Har famfon aka daina bugawa.

Wata mai goyo ta ce, "Baba Rele, nawa duk abin da aka ba shi sai ya amayar."

Na ce, "A ba shi bayan ya ci wani abu. In ya amayar nan take, kafin rabin awa, a bari ya huta a sake ba shi. In a gida ne ya faru, ki zo wurina ko likita a ba ki madadin wadda ta zube, kada ki ɗauki ta gobe. In kuma kin ga ƙuraje sun feso masa, ko amai ya ƙi tsayawa, a daina, a kai shi likita. Wadda ɗanta yake shan kotiri, ƙwayar nan ta tari da zawo, ko daga likita ko daga mai tebur, ta faɗa wa masu rabo kafin su narka komai, ba a haɗa su. Wadda ɗanta ya taɓa shan irin wannan ya ɓata masa jiki, ita ma ta faɗa. Za su auna dantsen yara da ɗan zare mai launi don a gane mai tamowa, ba wani abu ba ne. Za su ba ku takardar shaida ta kowane yaro, a adana ta har zuwa na huɗu. Wannan kam a sa ta a kwalla. Gidan sauro kuma kada a cire shi don an sha ƙwaya. Kuma kyauta ne, duk wanda ya ce ku ba shi wani abu ku turo mini shi."

Na sa suka maimaita, yadda majo yake sa mu. Taubashiyata ta mayar da shi waƙa, yau biyu, gobe ɗaya, jibi ɗaya, yara suka kama suna tafi. Da na juyo in sauka, sai na ga maza tsaye a can gefen hanya, sun biyo ni ɗaya bayan ɗaya, kowa yana yi kamar wucewa yake. Mai gari bai zo ba.

Washegari ya aika wa majo cewa a canza masa rele, wannan ya raina shi a gaban jama'a. Majo ya kira ni ya ce in je in ba da haƙuri. Na ce zan gaishe shi kamar kullum, in durƙusa kamar kullum, amma haƙurin me? In sun ga dama su cire ni bayan damina. Majo ya shafa kai ya ce yanzu ba shi da lokacin horar da wani, in ci gaba.

Ranar Alhamis masu rabo suka zo, aka ba jikata na farko. Ni ina can rugage. Da na dawo ban tambayi kowa ba. Na gaji da a ce mini an ba ta.

Juma'a da safe na ƙi fita da wuri. Na zauna a zaure ina ɗaure takalmi ina kwancewa. Ina jin motsin cikin gida ta bayan dangar kara. Na ji yayata tana cewa, "Kawo in ajiye, ai ta sha jiya, ƙarfinsa yana jikinta." Na ji ta sake cewa, "Ba da ke nake ba?" Na kama sandata zan miƙe, ko da yake ban san me zan yi ba, don ɗakin surukata ba wurin shigata ba ne.

Sai ga matar ɗana ta fito zaure. Yarinyar nan da ba ta taɓa tsayawa inuwa ɗaya da ni ba. 'Yarta ta fari tana saɓe a kafaɗarta, a gabana, ɗan kofi a hannunta. Ta durƙusa, kanta a ƙasa. Ta ɓallo ƙwaya rawaya ɗaya ta jefa a kofi. Muryarta da ƙyar take fita.

Ta ce, "Baba, a riƙe mini hannunta."

Na riƙe. Yarinya ta yi ta harbi tana ihu, ta cije ni a yatsa, uwar ta ɗura mata a hankali har ya ƙare, ta ɗauraye kofin da ɗan ruwa ta ƙara mata. Ta ƙulle ƙwayar da ta rage a bakin zanenta, ba ta ba kowa ba. Ta tashi ta koma ciki da sauri kamar wadda aka kora. Daga ciki na ji yayata tana faɗa, wai 'ya'yan zamani ba su da ta ido, wai har ta ɗauki 'yar fari a gaban suruki. Na ɗaga murya na ce, "Yaya, ni na sa ta. In za ki yi faɗa ga ni nan." Ba ni na sa ta ba, amma na fi ta iya ɗaukar faɗan tsohuwa.

Asabar ma haka ta fito, har zuwa na huɗu ba ta tsallake ko ɗaya ba. Bayan kowane zuwa sai ta koma yadda take, in na shigo ta shige ɗaki. Ban damu ba. Daminar nan jikata ta yi mura, ta yi zawo da ta ci ɗanyen tumu, sau ɗaya jikinta ya yi zafi uwar ta goya ta da kanta ta kai likita aka duba, ba masassarar sauro ba ce. Ba mu ga hanyar Matamaye ba sai don kasuwa.

Bayan girbi mai gari ya samu abin da yake so, aka naɗa wani rele, yaro mai ladabi da ya fi ni lakwal. Yana yin bayaninsa a ƙofar mai gari, maza suna gyaɗa kai. Ni kuma duk shekara in takarda ta zo, sai in je wurin majo in tambayi ranakun, in ɗauki sandata bayan la'asar in nufi bakin famfo. Ba wanda ya aike ni, ba kuma wanda ya isa ya hana tsoho zama a kan dakali yana hira da jikarsa. Bana ta cika shekara biyar, ta fita daga cikin masu sha. Tana da ƙane yanzu, wata bakwai, ita ce take riƙe masa hannu, yana cizon ta.